FASHIN BAƘI: Abin da ke jiran ma'aikacin Ikara, Makarfi da Kudan ranar da albashinsa ya tsaya

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, mafi yawan masu cin albashin gwamnati ba manyan sakatarori ba ne. Malaman firamare ne, da ma'aikatan asibitocin matakin farko, da ma'aikatan sakatariyar ƙaramar hukuma a Ikara da Makarfi da Hunkuyi. Da yawa daga cikin waɗanda ke dab da ajiye aiki a yau an ɗauke su ne a ƙarshen shekarun 1980 ko farkon 1990, lokacin da kowa ya san abin da ritaya ke nufi: garatuti a dunƙule, sannan fansho duk wata har ƙarshen rai. Wannan alkawari ya canza musu a tsakiyar tafiya, ranar 1 ga Janairun 2017, lokacin da Jihar Kaduna ta fara aiki da tsarin fansho na adashin gata a ƙarƙashin dokar da aka yi a 2016, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i.

Tun daga wannan rana ma'aikatan jihar suka kasu uku. Akwai waɗanda suka yi ritaya kafin ranar, su suna kan tsohon tsari. Akwai waɗanda aka ɗauka bayanta, su ba su san komai ba sai sabon tsari. Sai kuma na tsakiya, masu ƙafa ɗaya a can ɗaya a nan, kuma a kansu ne yawancin ruɗani da jinkiri ke sauka. Matashin da ya ga mahaifinsa ya ajiye aiki shekara guda ko biyu ba a fara ba shi ko sisi ba, mai yiwuwa mahaifin nasa ɗan wannan rukuni ne.

Ranar da aiki ke ƙarewa

Ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya ta sa iyaka biyu: cika shekara 60 da haihuwa, ko cika shekara 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Kalmar “duk wanda ya riga” ita ce mutane ke mantawa. Wanda ya fara aiki yana ɗan shekara 20, kamar yadda ɗaliban tsofaffin kwalejojin horon malamai suka riƙa yi da takardar daraja ta biyu, zai cika shekara 35 yana da 55, da sauran ƙarfinsa, kuma dole ya tafi. Wanda kuwa aka ɗauka yana da 40 zai tafi yana da 60, da shekara 20 kacal a littafin aikinsa.

Ba kowa ne ke kan wannan ma'auni ba. Farfesoshin jami'a suna kaiwa 70, haka ma alƙalan manyan kotuna tun bayan gyaran tsarin mulki na 2023. Malaman makaranta kuma sun samu tasu dokar a 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta ɗaga iyakarsu zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Malaman firamare da na sakandare galibi ma'aikatan jihohi ne da ƙananan hukumomi, don haka sai da kowace jiha ta ɗauki dokar kafin ta yi aiki a aikace. Gwamnatin Uba Sani ta amince da hakan ga malaman Kaduna a 2025. Abin da ya biyo baya shi ne, malamin firamare a Gubuchi da ma'aikacin sashen gona a sakatariyar Makarfi, waɗanda aka ɗauka rana ɗaya, ba za su bar aiki shekara ɗaya ba.

Lissafin shekarun nan kuwa ba a bakin ma'aikaci yake ba, a fayil ɗinsa yake. Ranar haihuwar da aka rubuta lokacin ɗaukarsa ta farko ita ce hukuma ke riƙewa, kuma takardar rantsuwar kotu da aka yi daga baya ba kasafai take sauya ta ba. A karkara, inda aka haifi mutane da yawa ba tare da takardar haihuwa ba, an sha rubuta wa mutum shekara da ka, daga baya ya je rajistar NIN ko ta BVN ya faɗi wata daban. Bambancin ba ya damun kowa muddin albashi na shiga. Ranar ritaya yake fitowa, domin kamfanin fansho ba zai biya fayil ɗin da ranakun haihuwarsa suka saɓa wa juna ba. Wanda kuma ya zarce ranarsa yana karɓar albashi, ko da kuskuren ofis ne, akan ɗauki abin da ya karɓa a matsayin bashi, a cire daga haƙƙinsa.

Tsohon alkawari a lissafe

Don a gane abin da aka rasa da abin da aka samu, sai a ɗauki misali ɗaya a bi shi har ƙarshe. Alƙaluman albashin da ke tafe na misali ne kawai, an zaɓe su ne don lissafi ya yi sauƙi. A ɗauka akwai ma'aikacin sashen gona na Ƙaramar Hukumar Makarfi da aka haifa a tsakiyar 1967, aka ɗauke shi aiki ranar 1 ga Janairun 1990. Ya cika shekara 35 a ƙarshen Disambar 2024, yana da shekara 57. A ce albashinsa na ƙarshe, wanda ake lissafin fansho da shi, naira 120,000 ne a wata, wato naira 1,440,000 a shekara.

Tsohon tsari yana da jadawali da ya samo asali daga dokar fansho ta 1979 da gyaran da aka yi mata daga baya, kuma jihohi suka bi sahu. Wanda ya yi shekara 5 ya cancanci garatuti kaɗai. Wanda ya kai shekara 10 ya cancanci garatuti na albashin shekara guda cur, da fansho na kashi 30 cikin 100 na albashinsa. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi 8 a kan garatuti da kashi 2 a kan fansho, har zuwa shekara 35, inda garatuti ke tsayawa a kashi 300, fansho kuma a kashi 80.

Da a ce ba a sauya komai ba, mutumin Makarfi zai tashi da garatutin naira 4,320,000, da fanshon naira 96,000 duk wata. Bai zuba ko kwabo daga albashinsa ba, kuma tun kafin ya ajiye aiki zai iya zama da biro ya lissafa abinsa. Wannan tabbaci shi ne abin da tsofaffin ma'aikata ke kewa.

Sai dai tabbacin a takarda yake. Ba a ware kuɗin a ko'ina ba, daga kasafin kowace shekara ake biya, kuma idan kasafi ya gaza, tsofaffi ne ke fara ji a jikinsu. Dogayen layukan tantancewa, da sunayen matattu da na bogi a jerin masu karɓa, da bashin garatuti na shekaru, duk 'ya'yan wannan tsari ne. Su ne suka sa gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin adashin gata a 2004, aka sake dokar a 2014. Dokar tarayya ba ta hawa kan ma'aikatan jiha kai tsaye, sai jiha ta yi tata. Shi ya sa maƙwabtan Ikara da Makarfi da ke tsallaken iyaka a Jihar Kano suke kan wani tsari daban, inda ake cire kuɗi daga albashi a zuba a asusu ɗaya na bai-ɗaya, a ci gaba da biyan garatuti da fansho bisa jadawali. Can ma bashin garatuti ya taru har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji kusan naira biliyan 48.

Sabon tsari: asusu mai sunan mutum

A sabon tsari kowane ma'aikaci yana da asusun ajiya na kansa a wani kamfanin kula da fansho da ya zaɓa, da lambar da ke farawa da PEN. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kamfanonin, kuɗin kuma suna hannun wani kamfanin ajiya daban, don kada mai juya kuɗin ya zama shi ne mai riƙe da su. A Kaduna ana cire kashi 7 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ɗora kashi 13, jimla kashi 20. Wannan ya ɗara na dokar tarayya, wadda ta sa kashi 8 da kashi 10.

Mutumin Makarfi ya yi shekara 8 a wannan tsari, daga Janairun 2017 zuwa Disambar 2024, wato wata 96. A ce matsakaicin albashinsa a tsawon lokacin naira 90,000 ne. Kashi 20 na wannan shi ne naira 18,000 a wata: 6,300 daga aljihunsa, 11,700 daga ƙaramar hukuma. A wata 96 an tara masa naira 1,728,000. Da ribar da kamfanin ya samo ta hanyar juya kuɗin, a ce sun kai miliyan 2.5.

Kowa ya ga miliyan 2.5 ba za ta riƙe mutum tsawon tsufansa ba. To ina shekara 27 da ya yi kafin 2017?

Haƙƙin baya, inda gizo ke saƙa

Dokar ba ta zubar da waɗannan shekaru ba. Ta ce a lissafa abin da ma'aikaci ya riga ya cancanta a tsohon tsari har zuwa ranar da aka sauya, a mai da shi kuɗi dunƙule, ya zama bashi a kan gwamnati wanda za ta zuba a asusunsa idan ya yi ritaya. Masana lissafin inshora ne ke yin wannan ƙiyasi.

A jadawalin da aka ambata, shekara 27 tana ba da garatuti na kashi 236 da fansho na kashi 64. Amma da albashin 2016 ake lissafawa, ba da na ranar ritaya ba. Idan mutumin yana karɓar naira 60,000 a wata a lokacin, wato 720,000 a shekara, garatutinsa ya kama naira 1,699,200, fanshonsa kuma 38,400 a wata. Masanan za su ƙiyasta nawa ake bukata a dunƙule don biyan wannan fansho tsawon shekarun da ake sa ran zai rayu, su haɗa da garatutin. A ce duka sun tashi naira miliyan 6.

Yanzu asusunsa ya kamata ya nuna miliyan 8.5, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kuɗi ba sa cikin asusun ranar da ya ajiye aiki. Suna hannun gwamnati. A bisa ƙa'ida kamfanin fansho yana jiran a haɗa kuɗin wuri ɗaya kafin ya lissafa abin da zai riƙa biya, domin idan ya yi lissafi da miliyan 2.5 kaɗai, fanshon da zai fito ba zai sayi buhun masara ba. Albashi ya tsaya a Disamba, fansho bai fara ba, mutum yana tsakiya. Tsohon ma'aikacin da ke cewa kamfanin fansho ya riƙe masa kuɗi sau da yawa ba kamfanin ne ya riƙe ba, Hukumar Fansho ta Jihar Kaduna ce ba ta kai ga sunansa ba tukuna.

Dalilin layin ma lissafi ne. An tsara a riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimlar albashin wata a zuba a wani asusu na musamman a Babban Bankin Najeriya don biyan wannan bashi. A ɗauka jimlar albashin wata ƙaramar hukuma naira miliyan 200 ne a wata. Kashi 5 ɗinta miliyan 10 ne, abin da bai isa ya sallami mutum biyu irin na Makarfi ba. Idan mutum biyar ke ritaya a wata, huɗu sun shiga layi, wata mai zuwa wasu su same su a can. Shi ya sa ake biya rukuni-rukuni, kuma shi ya sa kowane biya ke zama labari. Lokacin da Gwamna Uba Sani ya amince da fitar da naira biliyan 3.1 a ƙarshen 2023 don garatuti da haƙƙin mamata, an yi ta yabo, kuma kuɗin sun kai ga mutane. Amma bashi ne aka rage, ba kyauta aka yi ba, kuma abin da ya kamata mai bibiyar siyasa ya tambaya bayan kowace irin wannan sanarwa shi ne: waɗanda suka yi ritaya a wane wata aka kai, mutum nawa suka rage a layi, kuma nawa ne rabon ma'aikatan ƙananan hukumomi a ciki?

Tambayar ƙarshe tana da nauyi a Ikara da Makarfi da Kudan. Albashin malaman firamare da na ma'aikatan ƙananan hukumomi daga kason ƙananan hukumomi yake fita, haka ma kashi 13 ɗin da ake zuba musu da kuɗin biyan haƙƙinsu na baya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, an fi tattauna shi ta fuskar tituna da rijiyoyi. Amma duk ranar da aka aiwatar da shi sosai, shugaban ƙaramar hukuma ne zai zama wanda za a tambaya ko an zuba wa malamin Likoro kuɗin fanshonsa na watan jiya.

Akwai kuma ɓarnar da jira ke yi wadda ba ta fitowa a takarda. An gina miliyan 6 ɗin nan a kan albashin 2016, lokacin da dala ke kusan naira 305 a farashin hukuma. A ƙarshen 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100. Kuɗin da ke cikin asusun mutum ana juya su suna ƙaruwa, ko da ba su kamo tsadar rayuwa ba. Kowane wata da haƙƙin baya ya ƙara a layi kuwa, abin da zai iya saya raguwa yake yi.

Ina garatutin?

A ce an biya, asusu ya cika miliyan 8.5. Nan ma akwai abin da ke ba mutane mamaki: ba a miƙa wa mai ritaya kuɗin duka, kuma babu garatuti mai zaman kansa kamar da. Abin da ake ba shi a dunƙule wani yanki ne na kuɗinsa, da sharaɗin abin da ya rage ya isa biyan fansho na wata-wata. Ga mai ƙaramin asusu, abin da ya fi yawa shi ne a ba shi kusan kashi 25 cikin 100. Ga mutumin Makarfi wannan ya kama naira 2,125,000, ƙasa da rabin garatutin da tsohon jadawali ya yi masa alkawari. Saura naira 6,375,000.

Nawa wannan zai ba shi a wata? Kamfanin yana duba shekarunsa, da jinsinsa, da albashinsa na ƙarshe, da ribar da ake sa rai. Idan aka raba kuɗin a kan shekara 18 ba tare da riba ba, kusan naira 29,500 ne a wata. Idan ana samun ribar kashi 8 a shekara, zai kai wajen 55,000. A tsohon tsari 96,000 ne. Tazarar ba ta nufin an yi masa sata. Tana nuna cewa shekara 27 na aikinsa an auna su da albashin da ya kai rabin na ƙarshe, kuma shekara 8 ba su isa adashi ya yi kauri ba. Wanda aka ɗauka a 2017 yana ɗan shekara 25, idan aka zuba masa kashi 20 ba fashi har shekara 35, labarinsa zai iya bambanta. Na tsakiya ne suka ɗauki nauyin sauyin.

Dokar 2014 ba ta hana mai ɗaukar aiki ya ƙara wa ma'aikacinsa wani abu a ranar ritaya ba, kuma a 2025 PenCom da ofishin shugabar ma'aikatan tarayya sun bayyana shirin dawo da garatuti na albashin shekara guda ga ma'aikatan tarayya. Wannan bai shafi ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ba sai jiharsa ta yi nata.

Daga nan mai ritaya zai zaɓi ɗaya daga hanya biyu. Ko dai ya bar kuɗin a kamfanin fansho ana cirar masa daki-daki duk wata, ko ya sayi fansho na har abada daga kamfanin inshora. A hanya ta farko, idan ya rasu abin da ya rage a asusun na magadansa ne, amma idan Allah ya ja kwanansa kuɗin na iya yin ƙasa. A ta biyu, za a biya shi muddin yana raye, sai dai lamunin magada shekara 10 ne kawai: idan ya rasu a shekara ta 4, za a ba su na shekara 6 da suka rage, idan ya wuce 10 babu abin gado. Wanda ya fara da ta farko yana iya komawa ta biyu, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Ga mai iyali da yawa da ƙananan yara, wannan zaɓi ya fi ƙarfin a yanke shi a tsaye a gaban wakilin kamfani. Masu ƙyamar kuɗin ruwa kuma suna da damar neman a mai da ajiyarsu asusun da ba ya mu'amala da ruwa, wanda PenCom ta buɗe a 2021.

Wanda aka sallama kafin lokacinsa

A Kaduna ba kowa ne ya kai shekara 35 ɗinsa ba. Bayan jarrabawar 2017 an sallami malaman firamare 21,780. A Afrilun 2021 an sallami ma'aikatan ƙananan hukumomi kusan 4,000, gwamnati tana cewa albashi na cinye mafi yawan abin da take samu daga asusun tarayya. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ƙarƙashin Ayuba Wabba, ta ce an yi wa masu shekara 50 da manyan ma'aikata ritayar dole ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma shiga yajin aikin gargaɗi ranar 17 ga Mayun 2021, wanda ya tsayar da jihar cak kafin a janye shi a rana ta uku.

Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, tasirinsa a kan fansho a fili yake. Dubban mutanen da ya kamata su riƙa fita kaɗan-kaɗan cikin shekara goma ko sha biyar sun faɗo layin haƙƙin baya a lokaci ɗaya, alhali kashi 5 ɗin bai ƙaru ba. Wanda aka sallama bai kai shekara 50 ba kuma, doka ba ta ba shi damar taɓa asusunsa duka. Idan ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, yana iya cirar kashi 25 na abin da ke ciki, sauran sai ya cika 50. Wani abu ɗaya dai ya fi na da: a tsohon tsari kora kan laifi tana iya cinye garatuti da fansho gaba ɗaya, amma kuɗin da suka riga suka shiga asusun mutum a sabon tsari nasa ne.

Ƙarin shekara biyar ga malamai shi ma yana da fuska biyu. Malamin da ke karɓar naira 120,000 zai samu ƙarin zubi na 24,000 a wata har wata 60, wato naira 1,440,000 ban da riba, ga albashin shekara biyar, ga kuma fanshon da za a raba a kan shekaru kaɗan. Gwamnati ita ma ta samu sararin ɗage biyan haƙƙinsa na baya. Amma kujerar da za ta buɗe wa mai takardar NCE da ke zaune a Paki ko Hunkuyi ta ƙara shekara biyar a rufe, sai fa idan an ƙara yawan guraben.

Yadda ake gane matsala tun da wuri

Yawancin abin da ke tsayar da fayil ana iya ganinsa shekaru kafin ritaya. Na farko shi ne bayanin asusu, wanda kamfanin fansho ke bayarwa a takarda ko ta waya. A jera shi da takardun albashi wata bayan wata. Idan takardar albashi ta nuna an cire 6,300 a watan Maris, ya kamata a ga 18,000 sun shiga asusu na watan Maris. Idan 6,300 kaɗai suka shiga, ba a zuba kason gwamnati ba. Idan babu komai, ko dai ba a tura ba, ko an tura da lambar da ba daidai ba, abin da ke yawan faruwa ga wanda ya yi rajista sau biyu a kamfanoni daban-daban. Dokar tarayya ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, don haka giɓin wata uku ba jinkirin banki ba ne.

Wanda ya buɗe asusunsa kafin Yulin 2019 sai ya je an sabunta bayanansa da lambar NIN, in ba haka ba ba za a biya shi ba. Takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, su ne ke tabbatar da shekarun baya. Wanda ya fara a ƙaramar hukuma ya koma jiha, ko ya tashi daga wata ƙaramar hukuma zuwa wata, yana bukatar takardar da ta haɗe shekarunsa, domin kowace shekara da ta ɓace daga lissafi tana tafiya da kashi 8 na garatuti da kashi 2 na fansho. A misalin Makarfi, ɓatan shekara 3 zai rage naira 172,800 daga garatutin baya kaɗai.

Idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, iyalinsa suna da abu uku: abin da ke asusunsa, da haƙƙinsa na baya, da inshorar rai wadda dokar 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Sunan da ya rubuta a matsayin makusanci ba ya mai da mutum magaji shi kaɗai. Sai an kawo takardar kotu ta ikon kula da dukiyar mamaci, sannan a raba bisa gado.

Su kuwa waɗanda suka yi ritaya kafin 2017, abin dubawarsu daban ne. Sashe na 210 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga. A 2020 Kaduna ta ɗaga mafi ƙarancin fansho a tsohon tsari zuwa naira 30,000, daidai da mafi ƙarancin albashi na lokacin. A 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, jihar kuma ta sanar da 72,000, wanda ke nufin sharaɗi na biyu na sashen ya riga ya cika tun a shekarar.